Sunan Waƙa da Sunan Mai Waƙa: Yadda Ake Gyara Su a Cikin Fayil



Duk wanda ya tara waƙoƙi a waya ko a memori ya san wannan matsalar. Ka buɗe manhajar sauraron waƙa kana neman Ɗan Maraya Jos, sai ka tarar an raba maka shi gida huɗu. Wasu waƙoƙinsa suna ƙarƙashin Dan Maraya, wasu ƙarƙashin Alhaji Dan Maraya Jos, wasu sun faɗa wurin da aka rubuta Unknown Artist, wato ba a san mawaƙin ba, sauran kuma suna ɗauke da sunan wani shafin intanet da aka sauko da su daga can. Hoton da ke fitowa a kan allo ma na wani matashin mawaƙi ne da bai taɓa riƙe kuntigi ba. Mutane da yawa sukan shiga folda su canza sunan fayil, su koma manhaja su ga babu abin da ya sauya, sai su ɗauka wayar ce ta lalace. Wayar lafiyarta ƙalau. Inda aka yi gyaran ne ba nan manhajar take dubawa ba.

Fayil ɗin waƙa suna biyu gare shi. Na farko shi ne wanda kake gani a folda, wanda kowa ke iya canzawa. Na biyu a cikin fayil ɗin yake, an rubuta shi kusa da sautin, kuma shi ake kira tag. Waɗanda suka yi zamanin kaset za su tuna: akwai rubutun kwali, akwai kuma takardar da ke manne a jikin kaset ɗin. Kwali yana iya musanyuwa, amma ta jikin kaset tana biye da shi duk inda ya je. To manhajar sauraro ta jikin take karantawa. Sai in ta duba ta ga wayam, sannan take komawa ga sunan fayil. Shi ya sa waƙar da aka turo maka ta WhatsApp, in ba ta da komai a ciki, za ka gan ta da suna irin AUD da jerin lambobi da WA a tsakiya.

A fayil ɗin MP3, wannan rubutu na ciki ana kiran tsarinsa ID3, kuma iri biyu ne. Tsohon, ID3v1, ya fito a 1996. Bayit 128 kacal ne a can ƙarshen fayil, an ware haruffa 30 don sunan waƙa, 30 don mawaƙi, 30 don kundi, kuma ba shi da wurin hoto. In ka ga sunan waƙa ya yanke a tsakiyar kalma, akwai alamar na'urarka wannan tsohon take karantawa. Sabon, ID3v2, ya fara a 1998, yana zama a farkon fayil, yana ɗaukar dogon suna da hoto. Shi ma ya rabu: akwai 2.3 na 1999 da 2.4 na 2000. Abin da ya sa na kawo wannan tarihin shi ne, fayil ɗaya yana iya ɗaukar tsohon da sabon a lokaci guda, kowanne da abin da ya rubuta. Sai ka gyara ɗaya, wayarka ta nuna daidai, rediyon mota kuma ya ci gaba da nuna tsohon kuskuren da ke ɗayan.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga farko. A ce kana da waƙoƙin Ɗan Maraya guda ashirin. Wasu ka samo wurin masu tura waƙa a kasuwa, wasu daga WhatsApp, wasu ka sauke daga intanet. Kafin ka taɓa komai, kwafi foldar gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri dabam. Gyaran tag ba ya taɓa sauti, ba ya rage ingancin waƙa ko kaɗan, amma kuskure ɗaya yana iya shafe sunayen waƙoƙi ashirin a dannawa ɗaya, kuma zan nuna inda hakan ke faruwa.

A kwamfuta, manhajar da na fi ba da shawara ita ce Mp3tag. Ga masu Windows kyauta ce. Akwai kuma Kid3, wadda ita ma kyauta ce, tana aiki har a wayar Android. Zan yi bayani da Mp3tag, amma guraben iri ɗaya ne a duk manhajojin. Ka ja foldar ka saka a ciki, za ka ga waƙoƙin sun jeru a dama, a hagu kuma ga gurabe: Title na sunan waƙa, Artist na mawaƙi, Album na kundi, Year na shekara, Track na lambar jeri, sai Album Artist. Ka zaɓi waƙoƙin ashirin duka. Duk gurbin da waƙoƙin suka sha bamban a cikinsa, za ka ga an rubuta `< keep >`, ma'ana a bar wa kowace waƙa nata. A gurbin Artist ka goge wannan, ka rubuta Ɗan Maraya Jos sau ɗaya, ka yi haka a Album Artist, ka adana. Shi ke nan, mawaƙin ya koma mutum ɗaya. Amma gurbin Title kada ka kusance shi alhali duka waƙoƙin suna zaɓe. In ka rubuta suna a nan ka adana, ashirin ɗin duk sun zama waƙa ɗaya a suna. In hakan ta faru, kada ka rufe manhajar, nemi Undo nan take. In ka riga ka rufe, kwafin da ka ajiye ne zai cece ka.

A kan rubutun sunan mawaƙi ina so in ɗan tsaya, domin nan ne mu Hausawa muka fi rikita wa kanmu ma'ajiya. Mu mutane ne masu girmama manya, ba mu son kiran suna gatsau. Wani zai rubuta Dakta Mamman Shata, wani Alhaji Mamman Shata Katsina, wani Marigayi Shata. A baki duk daidai ne, kuma ladabi ne. Amma na'ura harafi take dubawa ɗaya bayan ɗaya, ko tazara ɗaya aka ƙara a ƙarshen suna tana iya ɗaukarsa wani mutum ne dabam. Ra'ayina shi ne a zaɓi sunan da aka fi sanin mawaƙi da shi, ba tare da laƙabi ba, a tsaya a kansa a duk ma'ajiyar. Laƙabi da cikakken suna, kamar a ce sunan Ɗan Maraya na yanka Adamu kuma ya rasu a 2015, suna da wurinsu a gurbin Comment. Can ba sa raba jeri.

Me ya sa ake da Artist kuma ake da Album Artist? Waƙoƙin finafinan Hausa ne suka fi fito da amfanin wannan. Fim ɗaya yana iya zuwa da waƙoƙi biyar, kowace da masu rera ta. In ka cika Artist kaɗai, manhajoji da yawa za su tsinka kundin gida biyar, kowace waƙa ta zama kundi mai zaman kanta. Gurbin Album Artist shi ne ke ɗaure su wuri guda. Sai ka sa sunan fim a Album, ka sa suna ɗaya tak a Album Artist na duka biyar ɗin, sannan Artist na kowace waƙa ya ɗauki sunan waɗanda suka rera ta. Na ce waɗanda suka rera, domin a nan ana tauye haƙƙi ƙwarai. Sau da yawa sunan jarumin da ya hau waƙar a fim ake rubutawa, alhali muryar ta wani ce a situdiyo. Mata mawaƙa sun fi kowa shan wannan: a rubuta sunan namijin, ita kuwa wadda ta rera rabin waƙar ko a ambace ta. In mutum biyu suka yi waƙa, a rubuta su biyun.

Yanzu sai sunayen waƙoƙin, ɗaya bayan ɗaya. In an yi sa'a sunayen fayil ɗin suna da tsari, misali sunan mawaƙi, sai ɗan layi, sai sunan waƙa, Mp3tag za ta iya kwashe su ta zuba a ciki. Ka shiga Convert, ka zaɓi Filename - Tag, ka rubuta wannan tsarin:

```
%artist% - %title%
```

Manhajar za ta nuna maka samfurin abin da zai fito kafin ka amince, ka duba shi da kyau. In kuwa sunayen irin na WhatsApp ne, babu wata dabara sai kunne. Ka kunna kowace waƙa ka saurara ka rubuta. Akwai manhajar MusicBrainz Picard da ke gane waƙa ta hanyar sautinta, ta nemo bayanin daga wata babbar ma'ajiya da masu sa kai ke cikawa. Tana da amfani ga kundayen da aka buga aka rarraba a duniya. Amma ga waƙar da aka naɗa a gidan biki, ta bi ta kaset, ta shiga kwamfuta, kada ka sa rai sosai, domin sai wani ya riga ya shigar da ita can kafin a same ta. In ma ta kawo maka suna, saurara ka tabbatar kafin ka adana.

Ga wata ƙa'ida da nake riƙe da ita da gaske: abin da ba ka tabbatar ba, bar gurbinsa fayau. Gurbin Year ya fi shan wahala. Za ka ga waƙar Shata an rubuta mata 2021, alhali mutumin ya rasu tun 1999. Shekarar da aka ɗora ta a intanet ce aka sa. Wanda ya gaji wannan fayil nan da shekara ashirin zai ɗauka gaskiya ce, domin abin da aka gani a rubuce ya fi saurin karɓuwa. Haka ma kada ka ƙirƙira wa waƙa kundin da ba ta fito a ciki ba. In tarin waƙoƙi ne ka haɗa da kanka, ba shi suna na gaskiya kamar Tarin Waƙoƙin Ɗan Maraya, kowa ya san tari ne.

To, sai babbar matsalar da ta shafe mu kai tsaye, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Ɗauki Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya. Akwai ƙ a sunan waƙar, akwai Ɗ a sunan mawaƙin. Ka rubuta su daidai, ka adana, ka buɗe a wata na'ura, sai ka ga abu ɗaya cikin uku. Kowanne da dalilinsa, kuma in ka iya bambance su ka huta da lalube.

In ka ga alamar tambaya a madadin harafin, to an adana rubutun ne da tsohon tsarin haruffa mai suna ISO-8859-1. An yi shi ne don harsunan Yammacin Turai, gurabe 256 gare shi, kuma babu ƙ ko ɗ a cikinsu. Da manhaja ta rasa inda za ta sa harafin, sai ta ajiye alamar tambaya. A nan harafin ya tafi, sai an sake rubuta shi. Tsohon ID3v1 ba shi da hanyar ɗaukar haruffanmu. Shi kuwa ID3v2.3 yana iya ɗauka, amma sai an zaɓi UTF-16. A Mp3tag ka shiga Options, ka nemi Tags, sannan Mpeg, a sashen Write ka zaɓi ID3v2.3 UTF-16. Wani zai ce ai 2.4 ya fi sabunta, yana ma da UTF-8. Gaskiya ne. Amma 2.3 ne na'urori suka fi ganewa, musamman tsofaffin rediyon mota da tsofaffin kwamfutoci, kuma ma'ajiyar da za ta yi yawo daga hannu zuwa hannu gara a rubuta ta da abin da kowa zai iya karantawa.

In kuma ka ga wasu baƙin haruffa biyu sun maye gurbin ɗaya, misali ƙ ta koma Æ™, to harafin yana nan, karatun ne aka yi da tsarin da ba nasa ba. An rubuta da UTF-8, inda ƙ ke cin bayit biyu, sai mai karantawa ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Maganinsa a buɗe fayil ɗin, a gyara sunan in a can ma ya fito a hargitse, a sake adanawa da UTF-16.

Na uku shi ne ka ga ɗan akwati fanko a wurin harafin. Wannan ba laifin fayil ba ne ko kaɗan. Na'urar ce ba ta da zanen harafin, kamar yadda ake gani a ƙananan allunan rediyon mota. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe fayil ɗin a wayar Android ta zamani, in ya fito daidai a can, kada ka taɓa shi.

Wasu sukan ce tunda abin da wahala, a rubuta Dan Maraya da Wakar Karen Mota kawai a huta. Na fahimci dalilinsu, har ma akwai ƙarin hujja a wurinsu: a manhajoji da yawa in ka nemi Dan da D ta yau da kullum ba za ta kawo maka Ɗan ba, wasu kuma sukan jefa Ɗ can ƙasan jeri bayan Z. Duk da haka ban yarda a zubar da lanƙwasa a cikin tag ba, domin shi ne rubutun da zai daɗe yana bin waƙar, kuma sunan mutum ya cancanci a rubuta shi yadda ake faɗarsa. Abin da nake ba da shawara shi ne a raba aiki: cikin tag a rubuta Hausa daidai, sunan fayil kuma a bar shi da haruffa marasa lanƙwasa, saboda kwafi tsakanin na'urori da kuma rediyoyin da sunan fayil kaɗai suke nunawa. In akwai wata tsohuwar na'ura da dole sai an yi mata sassauci, a yi mata kwafi na musamman a filashinta, asalin ma'ajiyar ya zauna daidai.

Saura hoto. Tambayar da aka fi yi ita ce, ta yaya fuskar wani mawaƙi ke hawa kan waƙar wani? Hanya biyu ce. Ta farko, wanda ya ɗora waƙar ya cusa tambarinsa ko wani hoto a cikin fayil ɗin. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Manhajoji da yawa ba sa ajiye hoto ga kowace waƙa, ga kowane kundi suke ajiyewa. In waƙoƙi ɗari na mawaƙa daban-daban duk an rubuta musu sunan shafi ɗaya a gurbin Album, manhaja za ta ɗauke su kundi guda, ta ɗauki hoton da ta fara samu ta liƙa wa duka. A Android, waƙar da ba ta da komai a Album sau da yawa sunan foldarta ake ba ta, shi ya sa za ka ga kundi mai suna Download ɗauke da hoto ɗaya a kan komai. Saboda haka kafin ka yi faɗa da hoto, gyara Album tukuna. Sau da yawa da ka gyara shi hoton da ba nasa ba yake ɓacewa.

Wajen sa sabon hoto, zaɓi waƙoƙin kundin duka, ka danna ɓangaren dama na linzami a kan akwatin hoto da ke ƙasan gurabe. Fara da Remove cover ka adana, sannan Add cover. Dalilin cirewa tukuna shi ne fayil yana iya ɗaukar hoto fiye da ɗaya, in ka ƙara kawai tsohon yana nan a ƙasa, wata na'urar kuma shi za ta nuna. Hoton ya zama JPEG, mai tsawo da faɗi daidai, kamar fiksel 600 ta kowane gefe, kuma nau'insa ya kasance Front Cover. Kada ka ɗauki hoton kamara kai tsaye ka cusa. Hoton yana shiga cikin kowane fayil ne dabam, don haka hoto mai megabayit 2 a kan waƙoƙi 500 ya cinye maka kusan gigabayit ɗaya, alhali na fiksel 600 da wuya ya wuce kilobayit 100. Ga shi kuma wasu rediyoyin mota in hoto ya yi girma ba sa nuna shi sam. Ka leƙa foldar ma, ko akwai wani hoto mai suna folder.jpg ko cover.jpg, domin wasu manhajojin shi suke fifitawa, kuma a Windows yakan zama ɓoyayye. Ga mawaƙin da babu hoton kundinsa, hotonsa na gaskiya da ka tabbatar shi ne ya wadatar. In babu, gara allo ya zauna babu hoto da a ɗora fuskar wani.

Bayan duk wannan, za ka iya mayar da waƙoƙin waya ka ga tsohon suna da tsohon hoto suna nan daram. Kada ka karaya, manhajar ce ta haddace abin da ta gani da farko. Nemi inda aka rubuta Rescan ko Refresh a cikinta. In babu, kashe wayar ka kunna, ko ka fitar da foldar zuwa wani wuri, ka buɗe manhajar ta ga babu su, sannan ka dawo da su. Hanyar tabbatar da inda matsalar take ita ce ka sake buɗe fayil ɗin a Mp3tag. In gyaran yana nan, laifin na manhajar sauraro ne. In ba ya nan, to ba a adana ba tun farko, kuma a waya dalilin da ya fi yawa shi ne ba a ba manhajar gyara izinin rubutu a kan memori ba.

Akwai iyaka guda da ya kamata a sani. Muryar tallar da wasu ke ɗorawa a kan waƙa, wadda ke kiran sunan shago ko shafi a tsakiyar baiti, a cikin sautin take. Gyaran tag ba zai cire ta ba. Sai dai a nemo wani kwafin mai tsabta.

Kirana na ƙarshe ga 'yan'uwa masu sana'ar tura waƙa a kasuwanni da tashoshin mota. Folda ɗaya da ke kwamfutarku tana shiga ɗaruruwan wayoyi, daga nan ta wuce wasu garuruwan. In kuna son tallata shago, gurbin Comment yana nan, ku rubuta sunan shagon da kyau a ciki. Amma gurbin Artist na mawaƙi ne, gurbin Title na waƙarsa ne, don Allah ku bar musu abinsu. Ku ware lokaci ku fara da mawaƙi ɗaya, ku gama da shi kafin ku shiga na biyu.